Kafin a taɓa manhaja: yadda muka koyi zana hanyar saye da biya

A kowane kamfani da ya kai girman ajiye sito da ofishin akanta, hanyar sayen kaya biyu ce. Akwai wadda aka rubuta a kundin ƙa'idoji, manajan darakta ya sa mata hannu, aka jefa a kabad. Akwai kuma wadda ake bi ranar da inji ya tsaya, mota tana bakin ƙofa shaƙe da kaya, mai sa hannu kuma ya yi tafiya. Mu da ake kira kafin a kafa ERP, wato babbar manhajar da ke haɗa saye da sito da sarrafawa da lissafin kuɗi a rumbun bayanai guda, aikinmu na farko shi ne zana wannan ta biyun, tun daga lokacin da wani ya ce yana buƙatar kaya har kuɗi ya faɗa asusun mai kawowa. Sama da shekara talatin ke nan masu wannan sana'a suna musu kan ko zanen yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce. Alamomin da muke zane da su a yau, waɗanda ake kira BPMN, a cikin wannan musun suka tashi.

Zana matakan aiki ya girmi kwamfuta. A 1921 Frank da Lillian Gilbreth suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, ASME, tsarin jera matakan aiki a takarda, a 1947 kuma ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: aiki, kai abu daga wuri zuwa wuri, dubawa, jira, da ajiya. Abin da ke burge ni a wannan tsohon tsari shi ne jira yana da alamarsa ta kansa. Masu zanen yau sukan cika shafi da akwatunan aiki, alhali takardar neman kaya minti goma take yi a hannun mutum, sauran kwanakin duk a kan tebur take kwana.

Shekarar da ta juya sana'ar ita ce 1990. A cikinta kamfanin Gartner ya raɗa wa irin waɗannan manhajoji suna ERP, a cikinta kuma Michael Hammer ya fitar da maƙalarsa a mujallar Harvard Business Review, inda ya ce a daina ɗora tsohuwar hanya a kan kwamfuta, a rushe ta a sake gini. Babban misalin da ya kawo kuwa daga hanyar saye da biya yake. Kamfanin motoci na Ford yana da ma'aikata sama da 500 a sashen biyan masu kawo kaya a Arewacin Amurka, yana neman rage su da kashi 20 cikin ɗari, sai ya tarar Mazda da mutum biyar take wannan aiki. Ko an yi la'akari da bambancin girman kamfanonin biyu, tazarar ta yi yawa. Da aka bi diddigi, sai aka ga akawu yana gwada bayanai 14 tsakanin takardu uku, odar saye da takardar karɓar kaya da invois, kuma mafi yawan lokacinsa a kan waɗanda ba su dace da juna ba yake ƙarewa. Ford ya soke invois ɗin gaba ɗaya. Mai karɓar kaya ya duba oda a kwamfuta, ya gwada abu uku, lambar kaya da ma'auni da lambar mai kawowa, in sun dace ya karɓa, biya ya biyo baya. Ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin ɗari.

Darasin da 'yan sana'armu da yawa suka ɗauka daga nan shi ne ba amfanin zana halin da ake ciki, tunda rushe shi za a yi. A ganina sun karanta labarin a baibai. Ford bai san cewa saɓanin takardu ne ke cinye ma'aikatansa ba sai da ya zauna ya dubi abin da akawu ke yi da gaske. Abin da ba shi da amfani shi ne kwafe kundin ƙa'idoji cikin akwatuna da kibiyoyi, kuma abin takaici wannan ne muka fi yi a shekarun da suka biyo baya.

A 1992 kamfanin SAP na Jamus ya fitar da R/3, manhajar da ta mamaye manyan kamfanoni kafin shekarar 2000. A shekarar ne kuma rukunin Farfesa August-Wilhelm Scheer a Jami'ar Saarland, tare da SAP, suka fitar da salon zane da ake kira EPC, wanda ake zanawa da manhajar ARIS. Ƙa'idarsa ita ce aukuwa ta haifi aiki, aiki ya haifi aukuwa: "an karɓi takardar neman kaya", sai "duba takardar", sai "an duba takardar", haka har ƙasa. Wanda ya taɓa buga irin wannan zane ya san yadda yake cin takarda. Hanyar saye guda takan zagaye bangon ɗakin taro, kuma kusan rabin alamomin maimaita abin da aka riga aka faɗa suke yi. SAP da kansa ya zo da ɗaruruwan irin waɗannan taswirori a matsayin abin koyi. Da Jan Mendling da Wil van der Aalst da abokan aikinsu suka binciki 604 daga cikinsu a 2006, sun sami kuskuren tsari a aƙalla 34, irin inda aiki zai maƙale yana jiran reshen da ba zai taɓa zuwa ba. In na masu manhajar ke nan, sai a ƙiyasta namu.

Waɗanda ba su da kuɗin ARIS, wato galibinmu, Visio muka riƙe. Mun ari layukan da Geary Rummler da Alan Brache suka yaɗa a littafinsu na 1990, inda kowane sashe ke da layinsa a kwance, a ga yadda takarda ke tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Sauran alamomin kuwa kowa da nasa. Wani da'ira ce farkon aiki a wurinsa, wani taro ce, wani kuma alamar "duba shafi na gaba". Bayan dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Amurka su nuna yadda suke tsare lissafinsu, sai oditoci su ma suka shiga neman zane, suna son ganin inda aka raba mai oda da mai karɓa da mai biya. Sai ka tarar da taswira uku na hanya ɗaya a kamfani ɗaya, ta odita da ta masu manhaja da ta sashen inganci, ba wadda ta yarda da 'yar'uwarta.

A wannan hali BPMN ya fito. Wata ƙungiya mai suna BPMI ce ta fitar da bugu na farko a watan Mayu na 2004, Stephen White na kamfanin IBM ne ya jagoranci rubutun. A 2005 ƙungiyar ta haɗe da OMG, wadda ta amince da tsarin a 2006 kuma take riƙe da shi har yau. Abin da matasan sana'ar ba su cika sani ba shi ne ba don mu masu zana halin da ake ciki aka ƙirƙire shi ba. Burin shi ne ɗan kasuwa ya zana, injiniya ya juya zanen zuwa harshen BPEL, kwamfuta ta gudanar da aikin kai tsaye. Wannan buri ya ɗan cika a wasu manhajoji na musamman, amma a fagen ERP bai yi nisa ba, domin ERP da hanyarsa yake zuwa a gine, saiti kawai ake yi masa. Abin da ya rage mana shi ne harshen zane mai nahawu, wanda za a iya ce wa mutum "wannan kibiya ba daidai ba ce" a kuma nuna masa dalili a rubuce. Bugu na 2.0, na watan Janairun 2011, ya ƙara da tsayayyen fayil na XML, ta yadda zanen da aka yi a Bizagi zai buɗu a Camunda Modeler ko Signavio. A 2013 ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC 19510.

Alamomin suna da yawa, kuma an daɗe ana yi mana gori a kai. A 2008 Michael zur Muehlen da Jan Recker suka duba zane 120 na gaske, suka ga ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na alamomin ne ake amfani da su a kai a kai, matsakaicin zane kuma nau'i tara kacal yake amfani da su. Wasu sun ɗauki wannan aibu. Ni kuwa kwanciyar hankali ya ba ni, domin zana hanyar saye da biya ba ya buƙatar fiye da haka: akwati na aiki, da'ira ta fari da ta ƙarshe, da'irar saƙo mai ambulan, da'irar lokaci mai agogo, mararraba inda hanya ke rabuwa, layukan sassa, da kibiya iri biyu.

Waɗannan kibiyoyi biyu su ne babbar kyautar da BPMN ya yi wa aikinmu. Kowace ƙungiya mai cin gashin kanta tana da fagenta, wanda manhajojin zane ke kira Pool. Kamfani fage ne, mai kawo kaya fage ne daban, banki ma haka. Kibiya mai layi miƙaƙƙe tana nuna bin juna na aiki, kuma an hana ta fita daga fagenta. Abin da ke ratsawa tsakanin fage da fage saƙo ne kawai, da kibiya mai ɗigo-ɗigo. A zamanin Visio mukan sa mai kawo kaya a layi ɗaya da sassan kamfani, mu ja kibiya daga "aika oda" zuwa "kawo kaya" zuwa "aiko invois", kamar ma'aikacinmu ne mai bin umarni. Sabuwar ƙa'idar ta tilasta mana yarda cewa ba mu da iko a kan abin da yake yi. Saƙo muke aikawa, mu zauna jira. Da zarar ka zana jiran, tambayoyi sai su taso da kansu: in kaya ba su zo ba har mako biyu, wa ke bibiya? In invois ya riga kaya zuwa, a ina yake kwana? In rabin kaya aka kawo fa?

Bari in kawo misali daga wata masana'antar roba a Kano da ke shirin kafa ERP, wadda ba zan ambaci sunanta ba, da alƙaluma da na daidaita don lissafi ya yi sauƙi. A taron farko manajoji sun ba mu hanya mai tsabta. Sashen sarrafawa ya cika takardar neman kaya, manajan masana'anta ya amince, sashen saye ya nemo farashi daga mutum uku, a rubuta LPO, darakta ya sa hannu, kaya su zo, sito ya rubuta takardar karɓa, akanta ya gwada takardu uku, a haɗa bauca, odita ya duba, a biya. Akwati goma sha ɗaya a jere, mararraba biyu kacal. Duk wanda ya daɗe a sana'ar in ya ga zane mai kyau haka ya san bai fara aiki ba tukuna.

Gani ya kori ji, don haka ba a tsayawa a ɗakin taro. Ana zuwa ofishin akanta a ɗauko baucocin da aka riga aka biya, hamsin ko sittin daga watanni daban-daban, a warware abin da aka maƙala wa kowace, a jera takardun bisa kwanan watan da ke jikinsu. Daga ƙarshe ake farawa a koma baya, domin kuɗin da ya fita ba ya ƙarya. Abu na farko da ya bayyana shi ne tulin baucocin da kwanan watan LPO ɗinsu ya zo bayan na invois. Wato an sayi kayan ta waya, an kawo, an yi amfani da su, sannan aka rubuta oda don akanta ya samu abin maƙalawa. Na tambayi dattijon da ke kula da sito, "Baba, in mota ta zo babu oda, ya kake yi?" Ya ce, "Yallaɓai, in na mayar da ita inji ya tsaya, ni za a kira. Sai in sauke, in rubuta a littafina, in bar gurbin lamba har su kawo."

A zane, wannan ba reshe ba ne na hanyar farko. Mafari ne na biyu, da'irar saƙo a layin sito mai suna "kaya sun iso babu oda", da hanyarta har zuwa biya. Sabon shiga yakan so ya ɓoye ta, ko ya rubuta ta a gefe da ƙananan haruffa, domin manajan saye ba ya son ganinta a bango. Amma ita ce ta fi komai muhimmanci ga masu saita manhaja. A SAP, karɓar kaya a allon MIGO da nau'in motsi 101 yana neman lambar oda. In babu, mai sito ko dai ya bar kaya a ƙasa ba a shigar ba, lissafin sito ya saɓa wa abin da ke sito, ko kuma ya koyi shigarwa da 501, karɓa ba tare da oda ba, akanta kuma ya shigar da invois ta FB60 kai tsaye, gwajin takardu uku ya mutu tun watan farko. Maganin ba hana sayen gaggawa ba ne, tunda inji ba zai daina lalacewa ba. Ana gina masa gajeriyar hanya halastacciya: oda ta gaggawa mai iyakar kuɗi da mutum ɗaya zai amince da ita ta waya, ko buɗaɗɗiyar oda ta shekara da masu kawo kayan gyara. Ba mai tsara wannan sai wanda ya ga hanyar a taswira.

Abu na biyu ya fi ɗaukar lokaci, shi ne abin da ke faruwa in takardu uku suka saɓa. Ga bauca guda. LPO ya ce buhu 400 na ƙwayar roba, kowane kilo 25, a kan naira 40,000 buhu, jimilla naira 16,000,000, ban da haraji. Mota ta zo da buhu 380. Sito ya ƙi 12 saboda sun yage ruwa ya shiga, ya rubuta karɓar 368. Invois kuwa ya zo da buhu 400 a kan naira 42,000, jimilla naira 16,800,000. In aka bi oda, abin da ya kamata a biya shi ne 368 sau 40,000, wato naira 14,720,000. Tazarar naira 2,080,000 ce, kuma gida biyu ta kasu: 1,280,000 na buhu 32 da ba su shiga sito ba, 800,000 na ƙarin farashi.

Kundin ƙa'idoji ya ce a mayar da irin wannan invois. Abin da ya faru daban ne. Ƙaramar akanta ta kira manajan saye, ya ce dala ta tashi tsakanin oda da lodi, sun yi magana da mai kayan sun amince da sabon farashi. Ta ɗauki biro ta soke 400 ta rubuta 368, ta bar 42,000 yadda yake, aka biya naira 15,456,000. Naira 736,000 ke nan sama da farashin da darakta ya sa wa hannu, kuma ba wanda ya gyara LPO. Buhu 20 da suka rage sun zo bayan mako guda a wata motar, da takardar rakiyar kaya da ba ta ambaci lambar oda ba. Na 12 ɗin kuwa sai da muka tambayi mutum uku kafin mu san musanya su aka yi.

Zana wannan yana buƙatar haƙuri. Bayan "aika LPO" sai mararraba mai alamar +, wadda ke buɗe rassa biyu a lokaci guda, ɗaya yana jiran kaya, ɗaya yana jiran invois, su haɗu kafin "gwada takardu", domin kowanne na iya riga ɗan'uwansa. A kan reshen kaya akwai tambaya, "an cika adadi?", in a'a kibiya ta koma jira. Bayan gwaji sai mararraba mai alamar X, inda hanya ɗaya tak ake bi cikin uku: sun dace, adadi ya saɓa, farashi ya saɓa. A reshen farashi muka sa akwati mai suna "kira manajan saye", da wani "gyara invois da hannu", domin haka ake yi, ko da kuwa ba a so a gani. Sunan akwati aikatau ne da abin da aka yi wa aikin, ba "sashen akanta" ko "amincewa" kawai ba. A jikin kowace kibiya da ta fito daga mararraba mukan rubuta adadin baucocin da suka bi ta, misali 18 cikin 60, da kwanakin da suka yi kafin su wuce. Ƙa'idar BPMN ba ta nemi wannan ba, mu muka ƙara, kuma zane marar waɗannan lambobi yakan sa hanyar da ake bi kullum da wadda ake bi sau ɗaya a shekara su zama kamar girmansu ɗaya.

Daga wannan reshe kaɗai tambayoyin saiti suka fito a jere, waɗanda in ba haka ba sai bayan an kunna manhaja za a gamu da su. ERP yakan riƙe wani asusun wucin gadi da ake kira GR/IR. Kaya na shiga sito sai a rubuta darajarsu a ciki a matsayin bashin da ba a kawo takardarsa ba, invois ya zo ya share. A misalinmu naira 14,720,000 za ta zauna a can. In aka saita odar ta yadda invois zai bi abin da aka karɓa, allon MIRO 368 zai nuna wa akanta, ba 400 ba. Ƙarin farashi kuwa kashi 5 cikin ɗari ne. In kamfani ya tsayar da haƙurin kashi 2, manhaja za ta karɓi invois ɗin amma ta toshe biyansa, ya zauna a MRBR har wani ya sake shi. To wane ne wannan wani? In manajan saye ne, an ba mutum ɗaya ikon yin ciniki da ikon amincewa da ƙarin da ya yi. In darakta ne, a inda farashin kayan waje ke bin dala, teburinsa zai cika cikin mako. Shin gyara farashin oda bayan an kawo kaya zai sake tayar da neman amincewa? A wane ma'auni za a ajiye kayan, tunda saye da sito da buhu suke ƙirga, sarrafawa kuma da kilo take awo? Ba mai saita manhaja ne zai amsa waɗannan ba. Masu kamfani ne, kuma taswirar ce ke zaunar da su a gaban tambayar.

Akwai kuskure guda da na fi gani a zanen hanyar saye da biya, har a wurin ƙwararru, kuma BPMN ne ya koya mana ganinsa. Kowane zane labarin abu ɗaya ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa, to mene ne abin? Takardar neman kaya uku na iya haɗuwa a oda ɗaya, oda ɗaya a kawo ta sau huɗu, invois ɗaya ya rufe kawowa biyu, biyan ranar Alhamis kuma ya kwashe invois arba'in na mutane daban-daban. Wanda ya ja kibiya miƙaƙƙiya daga "amince da invois" zuwa "biya" ya ce kowane invois da biyansa, wanda ba gaskiya ba ne. Daidai shi ne a yanke: hanyar invois ta ƙare a "yana jiran biya", hanyar biya kuma ta zama zane daban da ke farawa da agogo, ta ɗebo daga tarin masu jira. A nan ne a masana'antar muka tarar da matakin da ba wanda ya ambata a taro, inda ake kai wa darakta jeri ya zaɓi wanda za a biya bisa abin da ke banki. Tsarin biya na F110 da ranar cikar wa'adi yake aiki, bai san wanda ya fi matsa lamba ba, don haka dole a yanke shawara tun wuri ko za a bar wannan zaɓi a kuma gina masa mataki. Haka ma ƙarshen zane ba da'ira ɗaya ba ce. Bruce Silver, wanda littafinsa na 2009 ya gyara hannun da yawa daga cikinmu, ya nace a ba kowane ƙarshe sunansa: an biya cikakke, an biya ragi, an soke oda, an mayar da kaya. In ka ga hanyar saye mai ƙarshe ɗaya, marubucinta bai je ofishin akanta ba.

Musun bai mutu ba, kama ya sauya. Tsohon tsarin aikin SAP, ASAP, yana da dogon zangon rubuta buƙatu, kuma a ƙarƙashinsa an yi watanni ana zane-zanen da ba wanda ya sake buɗewa. Da S/4HANA ya zo a 2015, tsarin SAP Activate ya juya lamarin: a nuna wa kamfani hanyar da manhaja ta zo da ita, ya faɗi inda ba ta yi masa ba. Akwai hikima a ciki, domin ya rage kwaɗayin sauya manhaja don ta yi kama da tsohuwar al'ada. Rauninsa shi ne waɗanda ke zama a irin wannan taro manajoji ne, su kuma kan kalli hanya mai tsabta a allo su ce ai haka muke yi. Ta ɗaya gefen kuma ga haƙar bayanai daga rumbun manhaja, fannin da van der Aalst ya gina a Eindhoven, wanda kamfanoni irin Celonis, da aka kafa a Munich a 2011, suka mayar kasuwanci. SAP ma ya sayi Signavio a 2021. Dabarar haƙar bayanan takan ɗauki lokacin da aka yi kowane mataki ta zana hanyar da kanta, kuma ga kamfanin da ke barin tsohon ERP zuwa sabo, ta fi hira da mutane gaskiya nesa ba kusa ba. Sai dai abin da aka shigar kawai take gani. Kiran waya, gyaran biro da littafin mai sito ba sa cikin rumbu, kamfanin da kuma yake kan takarda da Excel ba shi da rumbun da za a haƙa.

Matsayata ita ce a zana, amma a taƙaita. Hanyar saye da biya ta matsakaicin kamfani ba ta wuce shafi ɗaya na sama da biyar ko shida na ƙasa, kowanne ya shiga takarda guda a iya karanta shi, a gama cikin makonni kaɗan, da alamomin nan da ba su kai goma sha biyu ba. Inda hanya ta dace da abin da kowace manhaja ke yi, akwati ɗaya ya isa. Inda ta karkace, a nan za a zauna. Kuma kada a gyara komai a cikin wannan zane, ko da gyaran a fili yake, a rubuta shi a wata takarda daban, domin da zarar "ya kamata" ya shiga, mutane sukan daina faɗin abin da suke yi.

In kai ne mai biyan kuɗin irin wannan aiki, kada ka sa hannu a taswirar don manajoji sun ce ta yi. Ka kira mai kula da sito da ƙaramin akanta, ka zaro bauca goma da hannunka daga fayil, su bi kowace da yatsa a kan zanen daga fari har ƙarshe. Duk baucar da ta rasa hanyar bi, a mayar wa mai zanen ya ƙarasa aikinsa.